Hoto 74 na darasin ƙoda a cikin waya: yadda ake fitar da takardar karatu daga cikinsu

*"Malama, ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya a nan Katsina. Malaminmu na fiziyoloji ba ya ba da handawut. Silayid yake haska mana da majigi, wani lokaci kuma ya yi lakcar ta waya. Yanzu ina da hoto 74 na darasin ƙoda kaɗai, wasu ni na ɗauka, wasu daga gurup ɗin aji. Na sa Google Lens ya kwafo min rubutun, sai abin ya fito a cakuɗe. Yaya zan mayar da su takardar karatu mai kanu da ma'anonin kalmomi? Saura mako 3 jarrabawa."*

'Yata, kin fara da abin da ya kamata ya zo na uku. Kwafo rubutu daga hoto shi ne mafi sauƙi a cikin aikin nan, kuma idan aka fara da shi, abin da ake samu shi ne shafi goma sha na Turanci marar kai marar gindi, wanda ya fi hotunan wahalar karantawa. Ki ajiye Lens tukuna. Ki ɗauko biro da fallen takarda ɗaya.

Kafin komai ma, ki tambayi shugaban ajinku ko malamin ya taɓa ba wani fayil ɗin darasin. Na sha ganin ɗaliba ta kwana biyu tana fama da hotuna, alhali PDF ɗin yana wayar wadda suke ɗaki ɗaya a hostel. Idan babu, to mu ci gaba.

Aikin farko tsince ne, kamar yadda ake tsince shinkafa kafin a ɗora. Ki buɗe sabuwar folda a waya, ki sa mata sunan darasin, ki kwashe hotunan 74 ki zuba a ciki don su rabu da hotunan biki da na rasit. Za ki lura hotunan iri biyu ne. Waɗanda kika ɗauka daga allon wayarki sunansu yana ɗauke da kwanan wata da lokaci, irin `Screenshot_20250312-101544`, don haka da kin jera su da suna za su bi tsarin da malamin ya bi. Na gurup kuwa sunansu irin `IMG-20250312-WA0007` ne, kuma wannan kwanan watan na ranar da hoton ya shigo wayarki ne, ba ranar lakca ba. Lambar ƙarshen ma jerin shigowarsu kawai take nunawa. Idan Hauwa ta turo silayid na 30 kafin Bilkisu ta turo na 12, haka za su zauna. Saboda haka kada ki yarda da jerin waya. Ki duba lambar da ke ƙasan silayid, a kusurwar dama ko ta hagu. Inda babu lamba, ki duba kan silayid ɗin da jimlarsa ta ƙarshe, za su nuna miki inda yake shiga.

A nan ne tulin zai ragu. Malamai da yawa suna fito da rubutu layi-layi, ana latsawa ana ƙarawa, sai ɗalibi ya ɗauki silayid ɗaya sau uku: da layi ɗaya, da layi uku, da cikakke. Ki bar cikakken, ki goge sauran. Ki cire na gaisuwa da na "Thank you" da waɗanda mutum biyu suka turo iri ɗaya. Da na zauna da wata ɗaliba a kan irin wannan darasin, hotunanta sun kusa kai naki yawa, amma da muka gama tsincewa silayid 41 ne suka rage. Sannan muka gano na 17 da na 18 babu wanda ya ɗauka, daidai lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta. Gara ki san akwai rami yanzu, da saura mako 3, da ki faɗa cikinsa a ɗakin jarrabawa. Ki rubuta lambobin da suka ɓace ki tambaya a gurup, ki kuma roƙi mai turowa ta turo ta hanyar `Document`, domin idan aka turo a matsayin hoto WhatsApp yana matse shi, ƙananan rubutu su dakushe.

Yanzu fallen takardar nan. Ki bi hotunan da sauri, ki rubuta lamba da kan kowane silayid kawai, ba tare da karanta cikinsa ba. Minti 15 ya isa. Da kin gama ki dubi jerin, za ki ga abin da ɗalibai da yawa ba sa gani: kan silayid daban, kan darasi daban. Silayid yanka ne da girman allo ya tilasta. Malami yana da magana ɗaya mai tsawo, allo ba zai ɗauke ta ba, sai ya raba ta gida huɗu, ya rubuta "cont'd" a saman uku. Wani lokacin kuma silayid ɗaya ya haɗa batu biyu don wuri ya rage. Idan kika mayar da kan kowane silayid ya zama kai a takardarki, za ki tashi da kanu 41, kuma mutum ba ya riƙe abu 41 a jere. Abin da kike nema shi ne tambayoyi nawa darasin yake amsawa. Sau da yawa malamin ya riga ya faɗa a silayid na biyu ko na uku, wanda ake rubuta wa "Objectives" ko "Outline", wanda kuma shi ne kowa yake tsallakewa don ba ya kama da abin da za a haddace. Wannan silayid shi ne ginshiƙin takardarki, kuma galibi daga cikinsa tambayoyin jarrabawa suke fitowa.

A darasin ƙoda na matakinku, abin yakan tattaru ne a wuri biyar: ginin ƙoda da ƙananan matatun da ke cikinta, tacewa, sake tsotse abin da jiki yake buƙata, zubar da abin da bai fita ba wajen tacewa, sai kuma yadda ake auna aikin ƙodar. Ga yadda ƙashin bayan namu ya kasance, da lambobin silayid a gefe:

```
1. Nephron structure (S3-9)
2. Glomerular filtration (S10-21)
   2.1 Filtration barrier
   2.2 Pressures
   2.3 GFR
3. Tubular reabsorption (S22-31)
4. Tubular secretion (S32-35)
5. Renal clearance (S36-41, S20)
```

Ki lura da S20 da ya bayyana a ƙarƙashin na biyar. Malamin ya ambaci sinadarin inulin tun yana maganar tacewa, amma muhallinsa na gaskiya wajen auna aikin ƙoda ne. Takardarki ba sai ta bi sawun malami ƙafa da ƙafa ba. Inda ya yi gaba ya dawo, ke ki haɗa 'yan gida ɗaya wuri ɗaya. Kanun kuma ki bar su da Turancin da zai zo a takardar jarrabawa, kada ki fassara su, domin da su idonki zai gane tambaya. Matakai biyu sun isa, babban kai da ƙaramin kai. Da zarar kin ga kina rubuta 2.3.1.4, to kin koma kwafar silayid ne ta bayan gida.

Idan za ki buga a waya, ina ba da shawarar Google Docs, kuma ki yi kanun da salon kai na gaskiya, ba ki ƙara girman rubutu ki yi masa kauri kawai ba. Ki taɓa layin, ki danna alamar `A` ta sama, ki shiga `Style`, ki zaɓi `Heading 1` ga manyan kanu, `Heading 2` ga ƙanana. A kwamfuta, ko a Word ko a Docs, `Ctrl+Alt+1` da `Ctrl+Alt+2` suna yin wannan. Amfaninsa shi ne idan kika buɗe `Document outline` daga ɗigo ukun nan na kusurwa, kanun za su jeru a gabanki, ki taɓa ɗaya ki sauka a kansa. Wannan jerin ma kansa abin bita ne: ki dubi kai, ki faɗi abin da ke ƙarƙashinsa da ka, sannan ki buɗe ki gani. Ki kunna `Available offline` a kan fayil ɗin, saboda ranar da data ta ƙare.

Sai yanzu Lens ya shigo, kuma ba duk hotunan za ki ba shi ba. Silayid iri uku ne. Akwai mai zane, kamar hoton matatar ƙoda da kibiyoyi. Wannan kada ki ɓata lokaci, na'urar za ta tsinto sunayen ta zube miki su ba tare da kibiyoyin ba, kuma kibiyoyin su ne ilimin. Ki yanke gefen hoton ki saka shi yadda yake a ƙarƙashin kansa, ko mafi kyau ki zana shi da hannunki sau ɗaya. Akwai mai bayani, layi biyar ko shida a kan yadda abu yake faruwa. Wannan ki karanta, ki kife wayar, ki rubuta shi a layi biyu da bakinki, ko da Hausa da Turanci a gauraye ne. Idan kin kasa, ba ki gane ba ne, kuma kin samu abin da za ki tambaya. Na ukun shi ne mai ta'arifi, ko lissafi, ko alƙaluma. Shi kaɗai ake so kalma da kalma, shi ne na Lens. A cikin silayid 41 ɗinmu, 13 ne kawai suka faɗa wannan rukunin.

Ko su ɗin ma sai an shirya hoton. Ki yanke shi ya zama rubutun kaɗai, ki cire agogon waya da alamar caji da fuskar malami a kusurwa da ƙeyar wanda ke gabanki, don duk abin da ya yi kama da harafi na'urar za ta kwaso. Wanda aka ɗauka daga gefen aji, allon ya karkace, ki miƙar da shi a wajen gyaran hoto. Wanda aka ɗauka daga bencin baya har rubutun ya narke, kada ki yi gardama da shi, ki buga da hannu, ya fi sauri.

To ga inda nake so ki nutsu, don nan ne maki yake zubewa. Na'urar ba ta karanta ma'ana, siffar harafi take kwatantawa. Inda ta ga kalmar Turanci ta yau da kullum takan dace, saboda tana da abin da za ta kwatanta. Inda ta ga lamba, ko alama, ko harafin da ya hau sama ko ya sauka ƙasa, ba ta da madogara, kuma ba za ta ce miki tana shakka ba. Ga abin da ta ba mu daga silayid na 19:

```
Normal GFR = l25 mI/min = 18O L/day
Na reabsorbed in PCT 65%
```

Da ido ɗaya za ki ce lafiya lau. Amma 1 ɗin farko ƙaramin harafin L ne, sifilin 180 kuma harafin O ne, alamar + ta kan sodiyam ta tafi, haka ma alamar "kimanin" da ke gaban 65. Waɗannan masu sauƙi ne, ido zai kama. Masu haɗarin su ne inda lamba ta koma wata lamba mai kama da gaskiya, 180 ta zama 130, ko ɗigon 1.5 ya ɓace ta zama 15. Maganinsu lissafi ne. Ɗauki GFR, wato yawan ruwan da ƙoda take tacewa. Mililita 125 a minti ɗaya, sau minti 60, sau awa 24, ya ba da mililita 180,000, wato lita 180 a yini. Idan kika ga 130 kin san ɗayan biyun ya gurɓace. Haka fitsarin da mutum yake yi a yini wajen lita 1.5 ne, wanda ke nufin kashi 99 cikin 100 na abin da aka tace yana komawa jini. Wadda ta haddace lita 15 daga rubutun na'ura, ranar da ta shiga ɗakin marasa lafiya za ta ji kunya. Duk lambar da ta shiga takardarki, ki buɗe hoton ki faɗaɗa shi da yatsu biyu ki gwada su, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa a bar lambar silayid a gefen kowane abu, S19, S24. Ranar da kika yi shakka, cikin daƙiƙa goma kin koma asali.

Tebur ya fi kowa shan wahala. Silayid na 15 tebur ne na ƙarfin da ke tura ruwa ya fita daga jini zuwa matata da wanda ke hana shi. Na'urar ta karanta shi daga sama zuwa ƙasa, ta kawo sunaye uku a jere, sannan lambobi uku a jere, 60, 18, 32, ba tare da an san wace ce ta wa ba, kuma kalmomin da ke nuna mai turawa da masu hanawa sun koma can ƙasa. Tebur da hannu ake sake gina shi. Kuma shi ma yana da abin gwaji: 60 ce take turawa, 18 da 32 suna hanawa, abin da ya rage 10 ne. Wasu littattafan suna ba da 55 da 15 da 30, su ma 10 suke bari. Duka daidai ne, amma kada ki gauraya su, ki ɗauko 60 daga nan da 15 daga can. Ki riƙe na malaminki, shi zai duba takardarki.

Yanzu ta'arifi, wanda shi ne rabin tambayarki. Ta'arifi na kirki yana da gaɓoɓi: wane irin abu ne, me ya bambanta shi da 'yan uwansa, da kuma sharaɗi ko ma'auninsa. Kowace gaɓa maki ce. Ɗauki wanda ɗalibai suka fi faɗuwa a kansa. Ga yadda nake so ya zauna a takardarki:

```
Renal clearance (S36)
The VOLUME of PLASMA completely cleared of a
substance by the kidneys PER UNIT TIME.
C = (U x V) / P     unit: mL/min
```

Kalmomin da na rubuta da manyan haruffa su ne gaɓoɓin. Na duba takardun jarrabawa da yawa inda aka rubuta "amount of substance removed from blood", kuma ɗalibar tana ganin ta amsa. Ta yi kuskure uku a layi ɗaya. Ba yawan sinadarin ake aunawa ba, yawan ruwan da aka tsarkake daga sinadarin ne. Ba jini gaba ɗaya ba, ruwan jini ne bayan an cire ƙwayoyinsa. Kuma ta bar lokaci, wanda in babu shi ma'aunin mililita a minti ba shi da ma'ana. Shi ya sa ta'arifi ba a taƙaita shi, ba a sake masa kalmomi. A ƙarƙashinsa ne za ki rubuta naki da Hausa, layi ɗaya, kamar kina yi wa ƙanwarki bayani: a ce ruwan jini randa ne mai gishiri, kofi nawa na ruwan ƙoda take rabawa da gishirin tas a kowane minti. Na saman na jarrabawa ne, na ƙasan shi zai hana na saman gudu daga kanki.

Lissafin da ke ƙasa ma da hannu na gyara shi. A silayid, U da V suna sama, layi ya ratsa, P tana ƙasa. Na'urar ta kawo `C = U x V` ta jefa P ita kaɗai a layi na gaba kamar tarkace, kuma ɗalibar da na zauna da ita har ta goge ta. Duk lissafin da kika saka, ki bi shi da misali ɗaya na lambobi don ki tabbatar yana aiki. A ce sinadarin kiriyatinin a fitsari miligiram 100 ne a desilita, wato U, fitsari yana fita mililita 1.2 a minti, wato V, a ruwan jini kuma miligiram 1 ne a desilita, wato P. Sau 100 da 1.2, a raba da 1, an samu mililita 120 a minti, kusa da 125 ɗin da muka sani. Kin ga kai na biyar ya ɗaure da kai na biyu, kuma kin gane dalilin da ya sa ake amfani da wannan awon a kimanta tacewar ƙoda.

Wace kalma ce ta cancanci a yi mata wannan hidima? Ba duk wadda malami ya yi wa ja ko kauri ba, wasu malaman rabin silayid suke yi wa kala. Ki ɗauki wadda ta fito a silayid ɗin manufofi, ko wadda aka bi ta da "is defined as" ko "refers to", ko wadda ta sake dawowa a wani sashen ana ginawa a kanta. A wannan darasin ba za su wuce 12 zuwa 15 ba. Masu kama da juna kuma ki ajiye su kusa da kusa, don ruɗewa a tsakaninsu ake yi. `Reabsorption` daga bututun matatar ƙoda zuwa jini ne, `secretion` daga jini zuwa bututu, `excretion` kuma abin da ya fita a fitsari. Haka `transport maximum` da `renal threshold` na suga: na farko iyakar abin da bututu zai iya tsotsewa ne a minti, wajen miligiram 375, na biyu kuma yawan suga a ruwan jini da idan ya kai sai ya fara ɓulla a fitsari, wajen miligiram 180 a desilita. Ki ga wannan 180 ɗin, ga kuma lita 180 ta tacewa. Lamba ɗaya, abu biyu da ba su haɗa komai ba. Idan kika rubuta lamba ba ma'auni a gefenta, ranar jarrabawa za su yi miki musaya.

Kowane ta'arifi ya zauna a ƙarƙashin kansa, inda bayaninsa yake. Kada ki kwashe su duka zuwa shafin ƙarshe tun farko, za su zama jerin kalmomi marasa dangi. Sai kin gama ne za ki fitar da sunayensu kawai a shafi ɗaya, ba ma'ana a gaba, ki riƙa cikewa da ka kina dubawa.

Akwai abin da hoto ba ya ɗauka. Silayid na 27 kalma uku ce kawai da kibiya, alhali malamin ya yi minti goma a kansa. Irin wannan kada ki cike shi da zato, kada kuma ki kwaso sakin layi daga intanet ki liƙa kamar na malamin ne. Ki sa `[?]` a wurin. Da kin gama sai ki nemo duk alamomin da `Find and replace`, ki tafi da su wajen wadda ta yi rubutu a aji ranar, ko littafin da aka ba ku, ko ofishin malamin. Abin da kika ƙaro daga littafi ki sa masa wata alama dabam, don ki san wane ne na wa idan lambobi suka saɓa.

Game da lokaci, tsincewa da ƙashin baya za su ci kamar awa ɗaya. Cika kanun biyar, ki ba kowanne zama ɗaya, bayan Asuba ko bayan Isha'i, kada ki haɗa su dare ɗaya. Silayid 41 ɗinmu sun koma shafi 6, da zane biyu da tebur ɗaya. Idan naki ya haura shafi 10, ki koma sashen bayani, a nan kwafar take ɓuya. Gwajin ƙarshe shi ne ki ɗauki tsohuwar takardar jarrabawar kwas ɗin, ki zaɓi tambaya uku a kan ƙoda, ki ga ko za ki amsa su daga takardarki kaɗai ba tare da buɗe foldar hotuna ba. Inda kika koma hoto, wurin yana da gyara.

Idan za ki kai shagon buga takardu, ki fara ajiye fayil ɗin a matsayin PDF, don idan suka buɗe shi a Word ɗinsu tebur da alamomin lissafi sukan goce. Ki ce su buga fuska ɗaya, bayan kowane shafi ya zauna fari, a nan za ki rubuta amsoshin `[?]` da biro idan kin samo su.